Kuloci ya yi laushi ko ya kwanta ƙasa: a duba mai kafin a sauke giyabos

A gareji, kalmar da ta fi tayar wa mai mota hankali idan ya kai ƙarar kuloci ita ce "sai an sauke giya". Ya san abin da ke biye da ita. Mota za ta wuni a kan jak, wataƙila ta kwana, a aika yaro Ƙofar Ruwa ko Panteka sayen faranti da boris, kuɗin aiki kuma ba na wasa ba. Wani lokaci hakan ne daidai. Amma sau da yawa fedar da ta yi laushi, ko ta kwanta ƙasa ta ƙi tasowa, matsalarta tana waje, inda hannu yake kai wa ba tare da an kwance ko noti ɗaya na giyabos ba. Rarrabe waɗannan biyun bai wuce aikin minti 15 ba, kuma mai motar da kansa zai iya tsayawa a yi a gabansa.

Sai dai a fara tabbatar da irin motar. Akwai masu kulocin waya, kamar yawancin Golf 2 da Golf 3 masu ƙaramin inji da suka daɗe suna aikin tasha. A irinsu, idan feda ta faɗi ƙasa farat ɗaya, abin da ake fara dubawa shi ne ko wayar ta tsinke. Maganarmu a nan kan masu amfani da mai ce, irin su Fijo 504, Toyota Hiace, Hilux da Corolla, da mafi yawan motoci masu giyar hannu na wannan zamani.

Hanyar da ƙafarka take bi

Idan ka taka feda, wani ɗan sandan ƙarfe ne yake tura fistin a cikin mastan sama, wanda ke maƙale a bangon ƙarfen da ya raba direba da inji. Fistin ɗin ya tura mai ta cikin bututun ƙarfe da ɗan guntun tiyon roba zuwa mastan ƙasa, wanda ke ɗaure a jikin giyabos. Wanda ya taɓa haɗa sirinji biyu da siririn tiyo ya cika su da ruwa ya ga abin da idonsa: ka danna wannan, wancan ya fito. Idan akwai iska a tsakani kuwa, sai ka danna wannan, wancan ya yi shiru, don iskar ce take matsewa ta shanye turin.

Daga mastan ƙasa aikin mai ya ƙare, na ƙarfe ya fara. Sandan mastan yana tura wani ƙarfe mai baki biyu da ake kira fok, wanda ke lilo a kan wani ɗan dunƙulen ƙarfe mai kai kamar ƙwallo. Fok ya tura rilis boris, boris ya danna yatsun sifirin da ke jikin murfin kuloci, murfin ya saki faranti, sai inji ya rabu da giyabos, giya ta shiga ba gardama.

Akwai abu ɗaya da direbobi da yawa ba su lura da shi ba. Ba ɗan sifirin da ke jikin feda ne yake dawo da ita sama ba, ko kuma a ce ba shi kaɗai ba ne. Babban sifirin murfin kuloci ne yake turo boris baya, boris ya turo fok, fok ya turo mai, mai ya ɗago feda. A motoci da yawa ma, sifirin da ke jikin fedar an yi shi ne don ya rage wa ƙafa nauyi, har idan ta wuce rabin hanya shi da kansa yake jan ta ƙasa. Saboda haka duk inda wannan jerin ya yanke, ko a wajen mai ko a wajen ƙarfe, sakamakon iri ɗaya ne a ƙafar direba: feda a kwance. Dalilin da ya sa ake ruɗewa ke nan.

Abin da feda take faɗa tun kana zaune

Kafin a buɗe bonet, a gwada abu uku daga kujerar direba.

Na farko shi ne famfo. Ka taka ka saki sau biyar ko shida a jere. Idan ta kwanta ka ɗago ta da bakin takalmi. In ka ji ta fara tauri, giya ta soma shiga, to kusan magana ta ƙare, matsalar ta mai ce. Famfo yana tara matsi ne a kan iskar da ke cikin bututu ko a kan robar da ta gaji. Fok da ya karye ko boris da ya tarwatse kuwa, ko ka wuni kana famfo ba za su gyaru ba.

Na biyu, ka sami fili inda babu kowa a gabanka, ka ja birkin hannu, ka tayar da inji, ka taka kuloci har ƙasa, ka sa giya ɗaya, ka riƙe. Kada ka ɗaga ƙafa. Idan bayan rabin minti ko minti guda ka ji injin ya fara nauyi, motar tana neman tafiya alhali ƙafarka na ƙasa, to mai yana zurarewa ne, matsin da ke riƙe da murfin yana raguwa a hankali. Masu bin cunkoson gari sun san wannan: kana tsaye a danja, ƙafa a kan kuloci, sai ka ga mota tana rarrafe zuwa bayan ta gabanka, ka zo cire giya ta ƙi fita.

Na uku na kunne ne. Mota a tsaye, babu giya, inji yana aiki, a kashe rediyo. Ka ɗora ƙafa a hankali ka fara dannawa. Idan ƙara irin ta gurza ko ƙugi ta taso daidai lokacin da fedar ta fara ɗaukar nauyi, ta ɓace da ka saki, rilis boris ne. Idan akasin haka ne, wato ƙarar tana nan ƙafarka na sama, ta yi shiru da ka taka, wannan galibi boris ɗin cikin giyabos ne, ba na kuloci ba. An sha canza kuloci sukutum saboda wannan ƙarar, a mayar da giya, ƙara kuma tana nan daram.

Tarihin matsalar ma shaida ne. Ta mai takan fara da laushi, wurin da kuloci yake kamawa ya riƙa sauka ƙasa-ƙasa, ribas ta fara kartawa da safe, domin a motoci da yawa ita ce giyar da ba ta da zoben da ke daidaita gudu. Ta ƙarfe takan fara da tauri ko ƙara, ko ka ji feda tana karkarwa a tafin ƙafa, sannan wata rana ka ji "ƙas" guda ɗaya, komai ya sake.

Inda mai yake tafiya

Yanzu a buɗe bonet. A wasu motoci kuloci yana da ɗan gwangwaninsa na mai daban, a wasu kuma tukunya ɗaya yake sha da birki. Inda suka haɗa, masu ƙera motar sun sa bakin bututun kuloci sama da na birki da gangan, don in mai ya ragu kuloci ya fara rasawa, birki ya tsira. Wannan yana haifar da wani abin mamaki. Yayin da takalman birki suke cinyewa, fistocinsu suna ƙara fitowa, mai yana bin su, matakinsa a tukunya yana sauka ba tare da ko ɗigo ya zuba ƙasa ba. Ranar da ya sauka ƙasa da bakin bututun kuloci, sai kuloci ya zuƙi iska. Mai motar ya zo da kukan kuloci, alhali takalman birki ne suka ƙare. Kuma duk wanda motarsa take da tukunya ɗaya, idan ya ga mai ya ragu, ya fara tabbatar da lafiyar birkinsa kafin ya motsa daga wurin.

Idan mai ya ragu kuma ba wannan ba ne, akwai inda yake fita, wuraren kuma ba su da yawa. Wanda aka fi mantawa yana cikin mota. Ka durƙusa da tocila ka leƙa saman feda, inda sandan yake shiga bango. Idan robar bayan mastan sama ta mutu, mai yana gangarowa ta nan ya jiƙa dardumar ƙasa, kuma da yake man birki yana cin fenti, za ka ga fentin wurin ya kumbura ko ya saɓule. Mutum zai yi ta leƙen ƙarƙashin mota bai ga ɗigo ba, ashe darduma ce take shanyewa.

Sai mastan ƙasa. Yana da wata roba mai lanƙwasa-lanƙwasa da ke rufe sandansa don ƙura. Daga waje takan zama a bushe, amma ka ja bakinta baya da yatsa. In mai ya tsiyayo, robar fistin ta tafi. Daga nan a bi bututu da hannu, musamman inda ƙarfe ya haɗu da tiyo. Tsohon tiyo yana iya ƙin yoyo amma ya riƙa kumbura idan an taka, ya shanye rabin turin. Ka kama shi da hannu wani ya taka, za ka ji yana cika tafinka.

Akwai kuma yoyon da ba ya rage mai ko kaɗan, shi ne ya fi wahalar da mutane. Robar gaban fistin ɗin mastan sama ce take sakin mai ya zagaye ta ya koma tukunya. Tukunya a cike, ko'ina a bushe, amma feda tana nitsewa. Alamarsa ita ce in ka taka da sauri kuloci ya yi aiki, in ka taka a hankali ko ka riƙe sai ya sake. Makanike yakan tabbatar ta hanyar toshe bakin mastan, ko ya matse tiyon roba da abin matsewar da ba zai yanka shi ba, sannan ya danna feda da hannu a hankali. Lafiyayyen masta zai tsaya cak tun daga sama. Wanda ya mutu zai ci gaba da nitsewa.

Launin man ma a dube shi. Sabon mai garau yake, da ɗan rawaya-rawaya. Idan ya koma baƙi, robobi ne suke narkewa a cikinsa. Man birki kuma yana zuƙar danshi daga iska. Ƙa'idar DOT 3 ita ce kada sabo ya tafasa ƙasa da digiri 205 a ma'aunin Salshiyos, amma idan ya sha ruwa iyakar takan sauko zuwa 140. DOT 4 kuma daga 230 zuwa 155. A motar da bututunta ya bi kusa da salansa, tsohon mai yana iya yin tururi a cikin cunkoso, feda ta yi laushi da rana tsaka, ta dawo daidai bayan mota ta huce. Shi ya sa kamfanoni da yawa suke cewa a canza shi duk shekara 2. A gaskiya ba kasafai ake tuna na birki ba, balle na kuloci.

Gwajin da yake raba gardama

Duk abin da ya gabata alamu ne. Abin da yake yanke hukunci shi ne kallon sandan mastan ƙasa yayin da wani yake taka feda, domin a nan ne iyakar aikin mai da aikin ƙarfe.

A ɗauki misalin bas Hiace mai jigila tsakanin Kano da Katsina. Direba ya shigo gareji ya ce:

"Oga, kwana biyu sai na yi famfo kafin giya ta shiga. Yau kuma a cunkoso fedar ta kwanta, da ƙafa na ɗago ta. An ce mini faranti ne."

"Tana jan mota in ka ba ta wuta, ko inji ne yake ihu a banza?"

"Tana ja sosai, ko da lodi."

Wannan amsar kaɗai ta rage wa faranti laifi. Farantin da ya cinye sulɓi yake yi: ka taka totur, inji ya yi ƙara, gudu bai ƙaru ba, har ka ji ƙauri. Ba shi ne yake sa feda laushi ba.

Makaniken ya duba mai, ya tarar ya sauka ƙasa da alamar MIN, kuma ya yi baƙi. Ya kashe inji ya gwada giya, duk suna shiga sumul. Ya tayar, sai karta. Ke nan giyabos lafiyarsa lau, kuloci ne ba ya saki. Ya shiga ƙarƙashi da ɗan ma'auni, ya kafa shi a jikin mastan ƙasa, ya ce wa yaronsa ya taka sau ɗaya. A ƙananan motoci da bas irin wannan, lafiyayyen sanda yakan fito fiye da santimita 1, wajen 1 da rabi, gwargwadon mota. A ce na wannan bas ya fito milimita 6 kawai. Yaro ya yi famfo sau biyar, ya kai milimita 14. Makanike ya ce, "Riƙe nan, kada ka saki." Yana kallo sandan ya fara ja da baya kaɗan-kaɗan, alhali ƙafar yaro tana ƙasa.

Ya ja robar ƙurar mastan ƙasa, a bushe. Ya matsa tiyo, bai kumbura ba. Ya fito ya leƙa saman feda, ga darduma sharkaf, ga fenti ya saɓule. Mastan sama ne, robobinsa na gaba da na baya duk sun gaji: ta baya tana zubar da mai tana shigar da iska, ta gaba tana sakin matsi. Aikin awa ɗaya ko biyu ne, fasinjan yamma ma ba zai wuce shi ba.

To, a juya labarin. A ce sandan ya fito cikakke tun takun farko, ya tsaya ƙyam muddin ana riƙe, mai a cike, ko'ina a bushe, amma giya tana kartawa. A nan mai ya sauke nauyinsa, turi yana isa bakin fok, a ciki yake ɓacewa. Sai a cire robar da ke rufe tagar fok a haska tocila, a kama fok ɗin a girgiza. Lafiyayye yana da ɗan wasa kaɗan, amma yana zaune a mazauninsa. Idan yana yawo ko'ina, ko ya tsage, ko ƙwallon da yake lilo a kai ya huda shi, ko ƙwallon ne ya karye. Idan ana ganin garin ƙarfe da 'yan ƙwallayen boris a ƙasan kaskon, boris ya tarwatse, kuma da wuya bai cinye yatsun sifirin ba. A wannan halin, wanda ya ce sai an sauke giya gaskiya ya faɗa.

Akwai tarko ɗaya a nan da ya kamata a sani. Idan fok ya karye, babu abin da zai tare fistin ɗin mastan ƙasa. Direba ya yi ta famfo cikin ruɗewa, fistin ya yi ta fitowa har ya faɗo, mai ya tsiyaye a ƙasa. Wanda ya zo ya ga mai a kwance zai rantse mastan ƙasa ne. A sayo sabo a ɗaura, a cire iska, a taka, shi ma ya fashe. Saboda haka duk mastan ƙasan da aka tarar fistinsa a waje, a tura fok da hannu tukuna. Ƙarfin hannu ba ya iya danna sifirin kuloci. In fok ya tafi salin-alin har ƙarshe, ɓarnar tana ciki.

Kada kuma a raina ita kanta fedar. Ɗan fil ɗin da ya haɗa ta da sandan masta yana cinyewa, raminsa ya zama dogo, sai rabin takun ya tafi a banza. A yawancin Toyota, wasan da ake so a saman feda kafin ta fara ɗaukar nauyi tsakanin milimita 5 ne zuwa 15. In ya zarce haka sosai a duba fil da bushinsa, da ƙarfen da fedar take rataye a kai, don shi ma yana tsagewa. Amma kada a ce za a magance laushi ta hanyar ƙara tsawon sandan har wasan ya ƙare. Yin haka yana toshe ɗan ramin da mai yake komawa tukunya, matsi ya taru idan mota ta yi zafi, sai kuloci ya fara sulɓi ya ƙone farantin da ba shi da laifi.

Motocin da suka haɗe biyun

Wannan gwajin na kallon sanda ba ya yiwuwa a kowace mota. A irin su Opel Astra G da Zafira da Ford Focus, da sababbin motoci da dama, babu fok, babu mastan ƙasa a waje. An haɗe mastan da rilis boris sun zama abu ɗaya mai siffar zobe, an sa shi can cikin kaskon kuloci. Bututu kawai za ka ga ya shige ciki. A irin waɗannan, yoyon mai ma yana iya sa a sauke giya.

Abin yi shi ne a wanke duk na waje daga zargi tukuna, wato mastan sama, bututu, tiyo da feda. Sannan a dubi ƙasan kaskon, inda inji ya haɗu da giyabos. Idan akwai ɗigo, a tantance na mene ne, domin abu uku ne suke iya fitowa ta nan. Man inji baƙi ne mai kauri, man giya yana da wari mai hawa kai, man birki kuwa siriri ne kuma yana gauraya da ruwa. Ka ɗiga shi a murfin kwalba mai ruwa: in ya narke ya ɓace, na kuloci ne, in ya taso sama ya yi ido, na inji ne ko na giya. Idan na kuloci ne, kada a ja lokaci ana ciko, don man yana jiƙa faranti ya lalata shi.

Cire iska, da abin da ba ya yi

Bayan an canza masta ko tiyo, dole a cire iska. Mutum biyu ake buƙata. A cika tukunya da irin man da aka rubuta a murfinta, a sa siririn tiyo mai haske a kan ɗan notin da ke jikin mastan ƙasa, ɗaya bakin a cikin kwalba mai ɗan mai. Na ƙasa ya ce "taka", na sama ya taka a hankali ya riƙe. A buɗe noti kaɗan, mai da kumfa su fito, a rufe, sannan a ce "saki". Sau da yawa sai an ɗago fedar da hannu. Ana maimaitawa har mai ya fito garau babu kumfa, ana leƙa tukunya bayan kowane taku uku ko huɗu, don in ta ƙafe an koma farko. Famfo da sauri-sauri kafin a buɗe noti ba ya taimakawa, farfasa iskar yake yi ta zama ƙananan kumfa masu wuyar fita. Kuma ba a taka feda idan mastan ƙasa yana kwance daga mazauninsa.

Sai dai cire iska ba gyara ba ne idan ba a toshe inda ta shiga ba. Motar da aka cire wa iska ta yi kyau, bayan mako ta koma gidan jiya, tana da roba ko mahaɗar da ta mutu.

Game da canza robobi kawai maimakon sayen sabon masta, ra'ayina shi ne a duba cikin silindar da haske kafin a yanke shawara. Idan santsi take kamar madubi, robobi masu kyau za su yi aiki. Idan tsatsa ta ci ta ko ta yi zane, sabuwar roba ba za ta daɗe ba, an yi asarar kuɗi biyu ke nan. Kuma da man birki ake wanke ta. Fetur, kananzir, man inji da man sitiyari duk suna kumbura irin wannan robar su kashe ta. Haka ruwan sabulun da wasu direbobi suke zubawa idan mai ya ƙare musu a daji: yana iya fitar da mota daga wurin, amma in ba a wanke layin gaba ɗaya ba, tsatsa zai bari. DOT 3 da DOT 4 suna haɗuwa, DOT 5 kuwa na silikon ne, ba a gauraya shi da su. In masta ɗaya ya mutu don tsufa da baƙin mai, ɗayan ma a cikin man nan ya rayu, mai hali ya canza su tare.

Idan kuma ta tabbata sai an sauke giyabos, to a yi aikin sau ɗaya. Kuɗin saukewa ne mai yawa, ba na boris ba. A canza faranti da murfi da boris tare, a duba fok da ƙwallonsa, da hannun rigar da boris yake zamewa a kai, da fuskar fulawil, da robar man inji ta baya. Giris kaɗan ake shafawa, mai jure zafi, don in ya yi yawa faranti zai fallatsa wa. A motar da mastanta yake ciki, a canza shi ko da bai fara yoyo ba.

Abin da ya fi kashe rilis boris kuwa ƙafar direba ce: ɗora ta a kan feda ana tafiya, da riƙe kuloci a ƙasa duk tsawon tsayuwar danja maimakon a cire giya.

Wanda feda ta kwanta masa a tsakiyar titi, ya kunna fitilun gargaɗi, ya ɗago ta ya yi famfo kaɗan, ya duba mai. In ta ƙi, yana iya kashe inji, ya sa giya ɗaya, ya tabbatar babu kowa a gabansa, ya murza makulli. Motar za ta yi tsalle ta tashi da giyar. Wannan dabara ta kauce wa titi ce kawai, ba ta tafiya gida ba, don tana wahalar da sitata da giyabos, kuma duk tsayawa sai an kashe inji.

Idan ka isa gareji aka ce sai an sauke giya, ka nemi a nuna maka matakin mai da launinsa, a leƙa saman feda da cikin robar mastan ƙasa a gabanka, sannan a taka kana kallon sandan. In ya fito cikakke ya tsaya kuma giya ba ta shiga, ka ba da izini a sauke.